Takardar lamunina ta faɗi alhali ba a fasa biyana ba, mene ne durashan?

"Salam. Na sayi takardar lamuni ta shekara 5 mai kufon 6%, kuɗin ruwa ya tashi sai naga farashinta ya sauka, alhali masu bashin basu fasa biyana ko sau ɗaya ba. A takardar bayani an rubuta durashan 4.11. Wai me lambar nan take nufi, kuma ya ake samota?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A taƙaice dai 4.11 ɗin nan tana gaya maka cewa idan kuɗin ruwan da kasuwa ke nema akan takardarka ya hau da maki 1, misali daga 8% zuwa 9%, to farashinta zai sauka da wajen kashi 4.11 cikin ɗari, in kuma ya sauka da maki 1 farashin zai hau da kusan hakan. Ka riƙe kalmar "wajen" ɗin nan da kyau don ƙiyasi ne, zamu ga inda yake dacewa da inda yake kaucewa. Amma bari mu bi abin daga tushe, saboda in ka ga yadda lambar take fitowa da hannunka ba zaka sake buƙatar wani ya fassara maka ita ba.

Da farko me yasa farashin ma yake motsi. Takardar lamuni alkawari ne da aka rubuta aka rufe, za a baka kaza duk shekara, wato kufon, sannan a ƙarshe a dawo maka da uwar kuɗi. Alkawarin baya canzawa. Abin da yake canzawa shine abin da mutane zasu iya samu a wani wajen. In yau sababbin takardu irin taka suna bada 9%, babu wanda zai sayi taka a farashin da zai bashi 8% kawai, dole ka rage masa kuɗi har sai ribarsa ta kai 9% ɗin. To wannan ribar da mai saye zai samu in ya saya a farashin yau ya riƙe har ƙarshe ita 'yan kasuwa suke kira yil, kuma ita ce ainihin kuɗin ruwan da muke magana akai a duk bayanin nan. Yil ya hau farashi ya sauka, yil ya sauka farashi ya hau. Wannan kowa ya sani. Tambayar da take da wuya ita ce da nawa, kuma nan ne durashan ya shigo.

Tunda baka faɗi yil ɗinka ba zan ɗauka 8% ne, da kufon sau ɗaya a shekara da uwar kuɗi 1,000, don da waɗannan lambobin 4.11 take fitowa daidai. Kenan zaka karɓi 60 a shekara ta 1, ta 2, ta 3 da ta 4, sai a shekara ta 5 ka karɓi 1,060, wato kufon na ƙarshe haɗe da uwar kuɗi.

Mataki na farko shine kowane kuɗi da zai zo nan gaba ka mayar dashi darajarsa ta yau. 60 ɗin da zata zo bayan shekara ɗaya sai ka raba ta da 1.08, ta bayan shekara biyu ka raba da 1.08 sau biyu, haka dai har zuwa ta biyar. Mataki na biyu, kowace darajar yau ka ninka ta da shekarar da zata zo. Ga yadda yake fita:

```
shekara   kuɗi    darajar yau   shekara x darajar yau
1         60      55.56         55.56
2         60      51.44         102.88
3         60      47.63         142.89
4         60      44.10         176.41
5         1060    721.42        3607.09
jimla             920.15        4084.82
```

Jimlar layin darajar yau, 920.15, ita ce farashin takardar a yau. Tana ƙasa da 1,000 ne saboda kufon ɗinta 6 ne kasuwa kuma tana neman 8, sai an yi ragi kafin a saya. Yanzu ka raba jimlar layin ƙarshe da farashin, 4,084.82 raba 920.15, zaka samu 4.44. Wannan 4.44 ɗin shekaru ne, kuma shi ake kira durashan na Macaulay, da sunan Frederick Macaulay wanda ya fito da lissafin a 1938.

Me 4.44 take nufi? Matsakaicin lokacin da kuɗinka yake ɗauka kafin ya dawo hannunka, amma ba matsakaici na haka kawai ba, kowace shekara an bata nauyi gwargwadon kason da take dashi a cikin farashin. Ka ɗauka kamar katako ne dogo aka jera masa duwatsu biyar a jere, huɗu ƙanana sai na biyar ƙato a can ƙarshe, wajen da zaka sa hannu ka ɗaga katakon ya tsaya cak bai karkata ba shine durashan. Dutsen ƙarshe 721 ne cikin 920, wajen kashi 78 cikin ɗari na nauyin gaba ɗaya, shi yasa wajen ɗagawar ya matsa kusa dashi sosai, amma ƙananan nan huɗu sun ɗan jawo shi baya daga 5 zuwa 4.44. Kaga dalilin da yasa takardar shekara 5 bata da durashan 5, wani ɓangare na kuɗin yana dawowa kafin wa'adi.

To amma kai 4.11 ka gani ba 4.44 ba. Akwai mataki ɗaya da ya rage, ka raba 4.44 da 1.08, wato ɗaya haɗe da yil, sai ka samu 4.11. Wannan shi ake cewa modifayid durashan, kuma shine wanda yake auna motsin farashi kai tsaye. Dokar aiki dashi gajeriya ce:

```
canjin farashi (%) ≈ −D_mod × canjin yil
D_mod = D_mac / (1 + y/k)
```

A nan D_mod shine modifayid durashan, D_mac na Macaulay, y shine yil, k kuma sau nawa ake biyan kufon a shekara. Namu sau ɗaya ne shi yasa muka raba da 1.08. Da ace duk wata shida ake biya da 1.04 zaka raba, kuma wlh nan mutane da yawa suke zamewa, su ɗauki takardar da ake biya sau biyu a shekara su raba da 1.08 sai lambar ta fito ƙasa da yadda ya kamata. Haka in ka yi teburin da zangon wata shida-shida, amsar da zata fito maka adadin zango ce, sai ka raba biyu kafin ta zama shekaru.

Watakila ka ce ya aka yi abin da aka auna da shekaru ya koma ma'aunin farashi. Ka duba kuɗi guda ɗaya kawai. 60 ɗin shekara ta 1 sau ɗaya ake raba ta da 1.08, in ya koma 1.09 sau ɗaya ƙarin zai taɓa ta, sai ta rage wajen kashi 1 cikin ɗari. Amma 1,060 na shekara ta 5 sau biyar ake raba shi, ƙarin zai taɓa shi har sau biyar, sai ya rage wajen kashi 4 da rabi. Kenan nisan kuɗi shine yawan dukan da zai sha. To in ka haɗa duka kuɗaɗen ka ɗauki matsakaicin nisansu, ai ka ɗauki matsakaicin dukan da zasu sha kenan. Iyakar sirrin kenan, babu wani abu a ɓoye.

Yanzu mu gwada mu ga ko lambar tana faɗin gaskiya. Yil ya tashi daga 8% zuwa 9%. Durashan yace farashi zai sauka da kashi 4.11, kashi 4.11 na 920.15 kuwa 37.82 ne, don haka yana hasashen 882.32 ko kusa da haka. In ka sake teburin gaba ɗaya da 1.09 farashin gaskiya 883.31 ne, wato faɗuwar 36.84, kashi 4.00. Kuskuren bai kai ko 1 cikakke ba a cikin kuɗin da ya haura 900. Mu juya ɗaya gefen, yil ya sauka zuwa 7%. Durashan yace 957.97, farashin gaskiya 959.00, wato hawan kashi 4.22.

Ka lura da wani abu mai daɗi a nan, ni kam yana cikin abubuwan da nake so a wannan lissafin. Duk sau biyun farashin gaskiya yana sama da hasashen. Da yil ya hau, faɗuwar bata kai yadda aka ce ba. Da ya sauka, hawan ya fi yadda aka ce. Ba sa'a bace. Alaƙar farashi da yil ba miƙaƙƙen layi bane, lanƙwasashshe ne, shi kuma durashan miƙaƙƙen layi yake ja daga inda kake tsaye. A kusa da inda kake layukan biyu suna tare, kana nisa suna rabuwa. Dalilin lanƙwasar shine shi kansa durashan ɗin yana canzawa, in yil ya hau kuɗin nesa suna rage nauyi sai durashan ya ragu, faɗuwar ta riƙa sassautawa, in yil ya sauka kuma durashan ya ƙaru hawan ya riƙa ƙara gudu. Wannan lanƙwasar ita ake kira kombeksiti, kuma tana gefen mai riƙe da takarda irin taka.

Yaushe ne zata dame ka? Sai motsin yayi girma. Ace yil ya yi tsalle daga 8% zuwa 11%. Durashan kaɗai zai ce faɗuwar kashi 12.33, farashi ya koma 806.68. Gaskiyar kuwa 815.21 ne, kashi 11.40. Yanzu kuskuren ya kai 8 da rabi, ba 1 ba, motsin ya ninka sau uku amma kuskuren ya ninka kusan sau tara. In kana so ka gyara sai ka ƙara kashi na biyu a lissafin:

```
canjin farashi ≈ −D_mod × Δy + 0.5 × C × (Δy)²
```

A nan Δy shine canjin yil, C kuma kombeksiti, na takardarmu 21.9 ne. A motsin maki 3, rabin 21.9 sau 0.03 sau 0.03 yana bada wajen 0.0099, wato kusan kashi 0.99, ka cire shi daga 12.33 ya rage wajen 11.35, ga gaskiya 11.40, ka ga an dawo kusa. Ni a aiki in motsin bai wuce rabin maki ba, kuma takardar ba mai dogon wa'adi bace sosai, bana wahalar da kaina da kombeksiti. In ya kai maki 2 ko 3 kuwa gara kawai ka sake lissafa farashin daga farko, ai kwamfuta ce zata yi.

Tunda an zo maganar kwamfuta, a Excel ga yadda zaka tabbatar da lambobin nan biyu, na farko zai baka 4.44 na biyu 4.11:

```
=DURATION(DATE(2025,1,1),DATE(2030,1,1),0.06,0.08,1)
=MDURATION(DATE(2025,1,1),DATE(2030,1,1),0.06,0.08,1)
```

Akwai kuma wata hanyar da bata buƙatar tebur, kuma ita nafi so a koya don tana aiki har a inda teburin baya aiki. Ka ɗauki farashi in yil ya sauka, ka cire farashi in yil ya hau, ka raba da farashin yanzu sau biyu sau girman motsin. Namu 959.00 cire 883.31 ya bada 75.69, a raba da 2 sau 920.15 sau 0.01 wato 18.40, amsa 4.11. Lamba ɗaya ta fito ta wata ƙofar. Masu saye da sayarwa kullum kuma sun fi son su ji abin da kuɗi ba da kaso ba, sai su ce nawa zan rasa in yil ya motsa da 0.01%, wanda zaka ga an rubuta DV01 a allo. Namu 4.11 sau 920.15 sau 0.0001, wajen 0.38 akan kowace takarda ɗaya. Mai takarda dubu goma duk ƙaramin motsin nan wajen 3,800 ne yake shiga ko fita daga aljihunsa.

Me yake sa durashan ya yi yawa ko ya yi kaɗan? Babba dai wa'adi ne. Ka ɗauki takarda mai kufon 6% ɗin nan da yil 8% amma ta shekara 20, farashinta 803.64, modifayid durashan ɗinta wajen 10.4. Yil ya koma 9% sai ta faɗo 726.14, kashi 9.6 ya tafi a motsin da ya ci wa taka kashi 4 kacal. Mai bashi ɗaya ne, kufon ɗaya ne, amma haɗarin ya ninka fiye da sau biyu. Sai dai ka lura wa'adin ya ninka sau huɗu durashan bai ninka sau huɗu ba, saboda kuɗin da yake can nesa sosai darajarsa ta yau ƙarama ce, baya da nauyin da zai ja ma'aunin. Ko takardar da bata da wa'adi sam, wadda za a yi ta biyan kufon har abada, a yil 8% durashan ɗinta na Macaulay 13.5 ne kawai.

Na biyu kufon. In kufon ya yi yawa kuɗinka yana dawowa da wuri, durashan ya ragu. Takardar shekara 5 mai kufon 10% a yil 8% tana da Macaulay 4.20, taka mai 6% tana da 4.44, wadda bata da kufon ko kaɗan, sai dai a saya da rahusa a karɓi 1,000 a ƙarshe, tata 5 ce cif saboda kuɗin duka rana ɗaya zai zo. Na uku shi kansa yil ɗin, in yana ƙasa durashan yana sama. To ka haɗa ukun nan waje ɗaya, dogon wa'adi da ƙaramin kufon da ƙaramin yil, shine mafi haɗari. Ƙasar Ostiriya ta fitar da takardar shekara 100 a 2020 da kufon 0.85%, wa'adinta 2120, da kuɗin ruwa ya tashi a 2022 farashinta ya zube da fiye da rabi, alhali babu wanda yake shakkar cewa gwamnatin zata biya. Wanda ya duba durashan ɗinta tun ranar saye bai kamata abin ya zo masa da mamaki ba.

Yanzu ga ɓangaren da nake ganin ya fi shafarka kai da kake riƙe da takarda, kuma ba kasafai ake bayaninsa ba. Tashin kuɗin ruwa yana maka abu biyu masu karo da juna. Yana karya farashin takardarka yau, amma kuma duk kufon ɗin da ka karɓa zaka sake zuba shi a riba mafi tsoka. Ɗaya asara ce ta nan take, ɗaya riba ce da take taruwa a hankali. To a wane lokaci ne ribar zata cike asarar? A daidai durashan na Macaulay. Mu gwada da namu. Ka saya a 920.15, kana sake zuba kowane kufon, ka sayar bayan shekara 4.44. In yil ya zauna a 8% zaka tashi da wajen 1,295. In washegarin sayenka ya hau 9% ya zauna a nan, farashi ya faɗo 883.31 amma komai yana girma da 9%, bayan shekara 4.44 wajen 1,295 zaka samu. In ya sauka 7%, ka fara da 959.00 kana girma a hankali, nan ma 1,295. Duk hanya ukun waje ɗaya suka kai ka.

Abin da wannan yake nufi a aikace shine ka tambayi kanka yaushe zaka buƙaci kuɗin. In bayan shekara ɗaya ne, takarda mai durashan 4 da wani abu ta maka tsawo, tashin yil zai cuce ka da gaske don zaka sayar kafin ribar ta cike ramin. In kuma sai bayan shekara goma ne, tashin yil ma alheri ne gare ka duk da jan lambar da kake gani a allo yau, abin tsoronka shine saukarsa. Kamfanonin inshora da asusun fansho akan wannan suke gina aikinsu, su daidaita durashan na kadarorinsu da na kuɗin da zasu biya mutane nan gaba, dabarar da Frank Redington ya tsara a 1952. Sai dai ba abu bane da zaka saita sau ɗaya ka tafi, lissafin 1,295 ɗin can ya ɗauka yil sau ɗaya ya motsa ya tsaya, kuma durashan baya raguwa daidai da yadda kwanaki suke tafiya, dole lokaci-lokaci a sake daidaitawa.

Zaka ji wasu suna cewa ai in ka riƙe har wa'adi babu asara. Da gaskiya a ciki, za a baka 1,000 ɗinka cif in mai bashin bai gaza ba, kuma 8% ɗin da ka saya akai tana nan kusan yadda take. Amma sharaɗin shine ka iya riƙewar. Bankin Silicon Valley a Amurka ya zuba kuɗin ajiyar mutane, wanda zasu iya cira kowace rana, a takardu masu dogon wa'adi lokacin da kuɗin ruwa yake ƙasa. Da ya tashi kuma masu ajiya suka fara cire kuɗinsu, dole ya sayar da takardun wajen dala biliyan 21 da asarar kusan biliyan 1.8, ya sanar a 8 ga Maris 2023, zuwa 10 ga wata hukuma ta rufe shi. Takardun masu kyau ne, yawanci na gwamnati ne ko masu goyon bayan hukumominta. Tazarar durashan tsakanin abin da ya mallaka da abin da ake binsa ita ta kayar dashi.

Sai kuma inda lambar take yaudarar mutum in bai yi hankali ba. Na farko wanda nafi gani, mutum yaji babban banki ya ƙara kuɗin ruwa da maki 1 sai ya ninka da 4.11 yace ga asarata. A'a. Yil ɗin takardarka zaka duba, ba sanarwar babban banki ba. Babban banki yana riƙe da kuɗin ruwa na gajeren lokaci ne, na shekara 5 ko 10 kasuwa ce take yanke shi, kuma sau da yawa ta riga ta motsa tun kafin sanarwar. A 2022 babban bankin Amurka ya ɗaga nasa daga kusan sifili zuwa sama da 4.25%, amma yil na takardar gwamnati ta shekara 10 daga wajen 1.5% ya tashi zuwa wajen 3.9%, wato bai kai maki 2 da rabi ba. Wanda ya ninka durashan da 4.25 ya zuzuta asarar sosai. Kuma maki ake nufi, daga 8 zuwa 9, ba kashi 1 cikin ɗari na 8 ɗin ba.

Wannan yana da alaƙa da matsalar asusu mai takardu da yawa. Durashan na asusu matsakaicin na takardun ciki ne gwargwadon darajar kowacce a kasuwa, rabi a mai 2 rabi a mai 10 ya bada 6. Lissafin daidai ne amma ya ɗauka duk yil ɗin zasu motsa tare da girma ɗaya. In na dogon wa'adi ne kaɗai ya hau na gajere bai motsa ba, wannan asusun zai ji jiki fiye da wanda duk takardunsa masu 6 ne, ko da yake a takardar bayani lambarsu ɗaya. Don haka in zaka sayi asusu kar ka tsaya a lamba ɗayan nan, ka duba yadda aka rarraba wa'adin.

Na gaba, teburin da muka yi ya dogara ne akan cewa kuɗaɗen da ranakunsu tabbatattu ne. Akwai takardun da mai bashi yake da damar ya biya ka kafin wa'adi in ya ga dama, kuma yaushe zai ga dama? Lokacin da kuɗin ruwa ya sauka, don ya je ya ciwo bashi mai sauƙi. Kenan daidai lokacin da farashinka ya kamata ya tashi sai a karɓe takardar, hawan yana da rufi amma faɗuwar bata da shi, kombeksitin ya juya ya zama a kanka. Takardun da aka gina akan bashin gidaje haka suke, don masu gidajen suna sake bashi in kuɗin ruwa ya sauka. Irin waɗannan teburin Macaulay baya musu aiki, sai hanyar can ta biyu, a motsa yil sama da ƙasa a cikin tsarin da ya san da zaɓin biyan, a ga me farashi ya yi. Alamar da zaka gane ita ce yil yana sauka amma farashin takardar ya maƙale kusa da farashin da aka yarda za a fanshe ta. A ɗaya gefen kuma takardar da kufon ɗinta yake bin kasuwa, ana sake saita shi duk wata uku misali, ko wa'adinta shekara 10 ne durashan ɗinta bai wuce zuwa ranar saiti na gaba ba. Sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, mai tsayayyen kuɗin haya shima lissafin nan yana hawa kansa, tunda kuɗi ne sananne a ranaku sanannu kuma ana saye da sayar dashi a kasuwa.

Sannan durashan bai san komai ba game da ko za a biya ka. Yil na kamfani yana iya hawa don mutane sun fara shakkar kamfanin, ba don kuɗin ruwa ya motsa ba, lambar zata gaya maka girman faɗuwar a kowane maki amma ba zata gaya maka cewa matsala tana tafe ba. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce, ka duba takardar gwamnati mai wa'adi irin na taka a kuɗi iri ɗaya. In yil ɗinta ya hau kusan yadda naka ya hau, to kuɗin ruwa ne kawai. In nata yana nan naka ne kaɗai ya hau, matsalar daga mai bashinka take, kuma wannan wani bincike ne daban.

Don haka ga abin da zan ce ka yi da taka. Ka nemo yil ɗin ranar da ka saya da na yau, ka cire, ka ninka bambancin da 4.11, ka kwatanta da kason da farashin ya sauka. In sun yi kusa to babu abin da ya lalace, lissafi ne yake aikinsa. Ka tabbatar dai farashin biyun da kake kwatantawa iri ɗaya ne, don wani allon yana nuna farashi haɗe da kufon ɗin da ya taru tun biyan baya wani kuma baya haɗawa, in ka cakuɗa su zaka ga bambancin da ba na yil bane. Ka kuma duba ranar da aka rubuta 4.11 ɗin, saboda tana raguwa da tafiyar lokaci, takardar nan in ta rage shekara 4 a yil 8% modifayid ɗinta zai sauko wajen 3.4, in ka yi amfani da tsohuwar lamba zaka ƙiyasta asarar da ta fi ta gaskiya.